Siririn ginshiƙin kankare: yadda ake lissafa ƙarin lanƙwasar da yake jawo wa kansa

Ginshiƙin kankare mai rodi, wanda magina ke kira fila, aikinsa ɗaukar nauyin dekin da bim ya kai shi ƙasa. Idan gajere ne mai kauri, ba ya gazawa sai nauyi ya fi ƙarfin kankaren da rodin ya murƙushe su. Dogo siriri kuwa tasa matsalar daban ce, domin tun kafin nauyi ya kai ga murƙushe shi sai ya fara gocewa gefe daga tsakiya. Duk wanda ya taɓa danna dogon karan dawa da tafin hannu ya ga haka: karan yana dogo zai tanƙware nan da nan, amma idan aka yanko gaɓa ɗaya aka danna, sai hannu ya gaji ba ta motsa ba. Leonhard Euler ya fitar da lissafin wannan tun 1744, ya nuna cewa idan aka ninka tsawon sanda sau biyu, nauyin da zai tanƙwara ta yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da ya sa lamarin ke da haɗari shi ne gocewar da kanta take ƙara wa kanta. Babu ginshiƙin da yake miƙe sak, kuma babu nauyin da yake sauka daidai cibiyarsa. Bim da ke gefe ɗaya yana murɗa kansa, kafinta kan karkata katako kaɗan wajen zuba kankare. Da zarar tsakiyar ginshiƙi ta goce, nauyin da ke sama ya daina bi ta cibiyar wannan wuri, sai ya samu hannun da zai lanƙwasa shi da shi. Nauyin sau nisan gocewar shi ne ƙarin ƙarfin lanƙwasa. Wannan ƙarin zai ƙara gocewa, gocewar kuma ta ƙara shi, har sai ginshiƙin ya tsaya a wani matsayi ko kuma ya karye. Lissafin farko da injiniya ke yi wa gini yana ɗaukar ginshiƙai a miƙe suke, saboda haka wannan ƙarin ba ya fitowa a cikinsa. Dole a lissafa shi daban a ɗora.

Injiniyoyi da yawa a Nijeriya har yanzu da ƙa'idar Birtaniya BS 8110 suke aiki, duk da cewa Birtaniyar ta koma Eurocode 2 tun 2010. Hanyarta tana da sauƙin bi da biro da takarda, kuma da ita za a bi misalin da ke tafe.

Tambayar farko ita ce ko ginin a tokare yake. Idan akwai bangon kankare ko rijiyar bene mai ƙarfi da ke hana saman ginshiƙi matsawa gefe, a tokare yake. Idan ginshiƙan ne da kansu ke tare iska, ba a tokare yake ba. Daga nan sai a nemo tsawon da ke aiki wajen lanƙwasa, wato `le`, ta hanyar ninka tsayin fili tsakanin abubuwan da ke riƙe da ginshiƙin da wani adadi. A ginin da aka tokare adadin yana tsakanin 0.75 da 1.0, gwargwadon yadda aka damƙe kai da gindi. A wanda ba a tokare ba yana farawa daga 1.2 ya kai 2.2. Sai a raba `le` da kaurin ginshiƙin. Idan sakamakon bai kai 15 ba a tokararren gini, ko 10 a wanda ba a tokare ba, gajere ne. Idan ya kai ko ya wuce, siriri ne. Ana yin wannan gwaji ta fuskoki biyu, domin ginshiƙi kan zama gajere ta faɗinsa ya zama siriri ta kaurinsa.

A ɗauki ginshiƙin da aka fi sabawa da shi a gine-ginen Kano ko Kaduna: milimita 230 kowane gefe, daidai kaurin bulo mai inci tara don ya ɓuya cikin bango, da rodi huɗu masu milimita 16. A gida mai tsayin mita uku wannan gajere ne. Amma a ce an kai shi zauren taro ko masallaci mai dogon rufi, inda tsayin fili daga gindi zuwa ƙarƙashin bim ya kai mita 6. Ginin a tokare yake, sama akwai bim mai zurfi da ya damƙe shi, ƙasa kuwa harsashin ba a tsara shi don hana juyawa ba. Adadin da ƙa'ida ta ba wannan yanayi 0.9 ne, saboda haka `le` mita 5.4 ne. Raba 5400 da 230 ya ba da 23.5. Ya wuce 15 nesa ba kusa ba.

A ce nauyin da ke kansa, bayan an ninka nauyin ginin da 1.4 da na jama'a da kaya da 1.6, ya kai kN 600, wato kusan tan 60. Bim ɗin yana murɗa kansa da kNm 20, gindi kuwa sifili. Ƙarfin kankaren 25 ne, na rodin 460. A ƙarƙashin wannan nauyi, ginshiƙin mai rodi huɗu 'yan 16 zai iya jure lanƙwasa ta kusan kNm 27. Wanda ya ɗauke shi gajere zai ga 27 ta fi 20, ya sa hannu a zane hankali kwance. Nan kuskuren yake.

Gocewar ta fi yawa a wajen tsakiya, don haka sai a fara sanin lanƙwasar da ke wurin tun asali. Ƙa'idar ta ce a ɗauki 0.6 na babbar da ke wani ƙarshe a haɗa da 0.4 na ƙaramar da ke ɗayan. A nan 0.6 sau 20 ne kawai, wato 12. Sai gocewar da ake sa ran ginshiƙin zai yi dab da karyewa:

```
au = (1/2000) × (le/b)² × K × h
Madd = N × au
```

`b` shi ne ƙaramin gefe, `h` kuma zurfin ginshiƙin ta fuskar da yake lanƙwasa. Idan aka fara da `K` a matsayin 1, 23.5 sau kanta ta ba da kusan 551, a raba da 2000, a ninka da 230, sai a samu milimita 63. Tan 60 a kan hannu mai tsawon milimita 63 ya haifar da kNm 38, kusan ninki biyu na abin da bim ya kawo.

Sai dai `K` yana rage wannan, kuma dalilinsa abin fahimta ne. Ginshiƙin da nauyi ya danne sosai ba ya samun damar tanƙwara da yawa kafin kankarensa ya murƙushe, saboda haka gocewarsa a lokacin karyewa ba ta kai ta wanda nauyinsa ke da sauƙi. Ana samun `K` daga adadi biyu: `Nuz`, nauyin da zai murƙushe ginshiƙin idan babu lanƙwasa ko kaɗan, da `Nbal`, nauyin da kankare ke murƙushewa a kansa daidai lokacin da rodin ɗaya gefen ya fara miƙewa.

```
K = (Nuz − N) / (Nuz − Nbal) ≤ 1
```

Da rodi 'yan 16, `Nuz` kusan 937 ne, `Nbal` kusan 272, sai `K` ya zama 0.51. Ƙarin lanƙwasar ya sauko zuwa 19. A haɗa da 12 ta asali, an samu 31. Ginshiƙin 27 yake iyawa. Bai isa ba, ko da an yi masa duk rangwamen da ƙa'ida ta yarda da shi.

Mataki na gaba shi ne ƙara rodi, kuma a nan akwai abin da masu koyo kan manta. Ƙarin rodi yana ɗaga `Nuz`, shi kuma ya ɗaga `K`, don haka ba za a riƙe tsohuwar 31 ba, sai an sake lissafi. Da rodi huɗu 'yan 20, `Nuz` ya hau kusan 1130, `K` ya zama 0.62, ƙarin lanƙwasa ya koma 23, jimla 35. Ginshiƙin a yanzu yana jure kusan 38. Ya wuce, amma da ƙyar. Kafin a rufe lissafi ana gwada wannan jimla da lanƙwasar kai, da ta gindi haɗe da rabin ƙarin, da kuma mafi ƙarancin da ƙa'ida ta wajabta, a ɗauki wadda ta fi girma. A wannan misali 35 ce.

Ƙara rodi ba shi ne magani mafi kyau ba. Tun da gocewa tana bin tsawo sau kansa, rage tsawon ya fi komai tasiri. Idan aka ratsa bim a tsakiya, a mita 3, ginshiƙin zai koma gajere, ƙarin lanƙwasar ya fita daga lissafi. Sharaɗin shi ne bim ɗin ya riƙe ginshiƙin ta fuskoki biyu, kuma shi kansa ya ƙare a jikin abu mai ƙarfi. Bim da ya haɗa siraran ginshiƙai kawai a jere bai hana su gocewa tare ba. Inda ba a son bim ya ratsa zaure, sai a ƙara kauri zuwa 300 ko fiye, a haƙura da ɓoye ginshiƙi cikin bango. Ƙa'idar ma ta sa iyaka: tsayin fili kada ya wuce ninki 60 na ƙaramin gefe.

Yawancin ɓarnar a wurin aiki take faruwa, bayan an gama zane. Mai gini ya ce a ƙara wa zaure tsayi don ya sha iska, a ƙara mita ɗaya ba a koma wurin injiniya ba. Daga mita 6 zuwa 7 gocewar da ake lissafawa tana ƙaruwa da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ko a cire bim na tsakiya don yana ɓata kyan wuri, ko a rushe bangon da ke tokare ginin don a faɗaɗa shago. Haka nan zobban da ke ɗaure rodi: tazararsu kada ta wuce ninki 12 na kaurin rodin, wato milimita 240 ga 'yan 20. Idan aka ware su don tsimi, rodin gefen da ke matse zai kumburo waje ya ɓantare kankare. Kankare mara ƙarfi kuwa illarsa biyu ce a siririn ginshiƙi, yana rage nauyin da zai ɗauka yana kuma sa shi saurin tanƙwara.

Lokaci ma yana da hannu. Kankaren da nauyi ya daɗe a kansa yana ci gaba da matsewa a hankali tsawon shekaru, gocewar na ƙaruwa tare da shi. Shi ya sa Eurocode 2 ta sa wannan a fili cikin lissafinta, kuma shi ya sa ginshiƙin da ya tsaya lafiya ranar da aka cire katako bai tabbatar da komai ba tukuna.

Alamun ginshiƙin da ke gazawa ta wannan hanya ana iya gane su. Tsage-tsage kwance suna fitowa a fuska ɗaya wajen tsakiyar tsayi, ɗaya fuskar kuma filasta ko kankare yana ɓarewa. Idan aka sako igiya mai nauyi daga sama a gefensa, tazarar da ke tsakaninsu a tsakiya za ta bambanta da ta kai da gindi. Ginshiƙin da ya nuna haka ba a shafe shi da siminti. Ana fitar da mutane, a rage nauyin da ke sama, a tokare bim ɗin da sandunan ƙarfe har ƙasa mai ƙarfi, sannan injiniya ya auna ya tsara yadda za a yi masa rigar kankare da sabon rodi ko a sake shi gaba ɗaya.