Ka ci shari'a, amma ina kuɗin?

Kotu ba ta bin bashi da kanta. In alƙali ya yanke cewa a biya ka, nemo inda dukiyar take aikinka ne, kuma a nan masu gaskiya da yawa suke sarewa.

A ɗauka wani manomi a Sanyinna ya ba dillali albasa ta naira miliyan 3 bashi, ya kai ƙara Babbar Kotun Jihar Sakkwato, ya yi nasara. Kafin ma'aikatan kotu su iso, dillalin ya kora shanunsa garken ƙanensa a Kebbe, ya ce babur ɗin na matarsa ne. Ko an kama kayan, ƙanen zai shigar da da'awar mallaka, a tsayar da gwanjo sai an tantance mai su. Gona da gida kuwa ba a taɓa su sai da izinin Babbar Kotu, bayan an nuna kayan ɗauka ba su isa ba.

Shi ya sa lauyoyi suka fi son hanyar da suke kira ganishi, wadda sashe na 83 na dokar zartar da hukunci ta tarayya ya tanada. Ma'anarta a tare kuɗin mai taurin bashi da ke hannun wani. Lauyan manomin zai kai buƙata da takardar rantsuwa ba tare da an sanar da dillalin ba, don kada ya kwashe. Kotu ta ba da umarnin wucin gadi, kuma da zarar ya isa banki, kuɗin sun daskare. Dole a miƙa umarnin ga bankin da dillalin aƙalla kwana 14 kafin zama. Ranar zaman bankin zai faɗi abin da ke asusun bisa rantsuwa. In an tarar da naira 800,000 kuma babu hujjar hanawa, sai a mayar da umarnin na dindindin, a biya manomin, saura miliyan 2.2.

Umarnin ba ya kama asusun da ke da sunan matar dillalin. Amma ba banki kaɗai ake tarewa ba, abin da mutane ke mantawa ke nan. In wani ɗan kasuwa a Tambuwal ya karɓi albasa wurin dillalin bai biya ba, shi ma ana iya umartarsa ya biya manomin kai tsaye. Kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ne sashe na 84 ya ce sai da yardar Antoni Janar.

Ragowar kuma, a nemi sammaci a titsiye dillalin ya bayyana dukiyarsa bisa rantsuwa. In ta tabbata yana da hali ya ƙi biya, ko ya ɓoye kaya da gangan, kotu na iya tsare shi.

Duk wannan ya fi sauƙi ga wanda ya san bankin abokin cinikinsa. Saboda haka kada ka goge rasit ɗin tiransifa da ya taɓa turo maka, kuma tun ranar ciniki ka rubuta sunan asusunsa da lambarsa.