Kulle farashi tun masara na sito: lissafin da na yi wa wata Hajiya a Agbogbloshie

Duk mai ajiye masara a Accra ya san yadda shekara take tafiya. Farashi kan hau daga Mayu zuwa Yuli, sannan ya sauko idan sabuwar masarar Techiman da Ejura ta shigo a Agusta da Satumba. Amma wani lokacin kasuwa takan saɓa. A watan Agustan 2024 gwamnatin Ghana ta hana fitar da hatsi saboda fari a arewa, kaya suka yi tsada, a 2025 kuma masara ta yi yawa farashi ya karye, waɗanda suka ɓoye kaya suka ji jiki.

Wannan fargabar ce ta sa wata Hajiya 'yar Maamobi mai sarin masara a Agbogbloshie ta tambaye ni: "Ɗana, buhu 200 gare ni a sito. In farashi ya faɗi fa, yaya zan yi?"

Na ce mata akwai dabarar da Turawa ke kira hejin, wato ka kulle farashin kayanka tun yau, kafin ranar sayarwa. Ba hanyar ƙara riba ba ce. Hanyar rage faɗuwa ce, kuma tana da nata kuɗin.

Muka yi misali da lissafi. A ce ta sayi kowane buhu sidi 500, kuɗin sito da maganin ƙwari na wata uku suka ci sidi 20, buhu ya tsaya mata 520. Sai ta sami mai gidan kaji, suka rubuta cewa bayan wata uku zai karɓi buhu 120 a kan sidi 560, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Sauran 80 ta bar wa kasuwa.

In farashi ya faɗi zuwa 400, buhu 120 ɗin sun ba ta ribar sidi 4,800, sauran 80 sun jawo asarar 9,600. Asararta duka 4,800 ke nan. Da ba ta kulle komai ba, da 24,000 ta rasa. In kuma ya hau zuwa 700, ribarta 19,200 ce maimakon 36,000.

Ta ce: "To ai na yi asarar riba ke nan!"

Na ce: "Haka ne, Hajiya. Wannan shi ne kuɗin barci da ido biyu rufe. Shi ya sa ba a kulle duka. Ki kulle gwargwadon abin da zai biya bashin da ke kanki ya tsare uwar kuɗi."

Inda abin ke ɓaci shi ne cika alkawari. Ranar da masara ta koma 400, mai kaji zai ga ya fi masa sauƙi ya sayo a kasuwa, sai ya fara cewa kayan da danshi ko buhun bai cika ba. Maganinsa a rubuta komai da shaidu: nauyi da kilo ba da buhu ba, tunda buhu suna ya tara, fara ce ko ja, danshi kada ya wuce kashi 13 cikin 100, ranar karɓa, da wanda zai biya mota. Mai sayen da ya ƙi ba da ko sisi tun farko, alama ce ba zai tsaya ba.

A nan fiƙihu ya riga mu. A cinikin salam mai saye yana biyan kuɗin duka nan take, a kawo kaya daga baya bisa siffa da awo da lokaci sananne. Jinkirta kuɗi da kaya gaba ɗaya kuwa, malamai da yawa ba su yarda da shi ba, don haka na ce ta kai wa malaminta takardar kafin sa hannu. Wanda ya biya tun farko zai nemi ragi, amma ba ya iya guduwa.

Akwai kuma kasuwar GCX da aka buɗe a Accra a Nuwamban 2018. Ana kai hatsi sitonta, a auna, a tantance daraja, a ba ka rasit da za ka iya sayarwa ko ka nemi rance da shi. Amma rasit ba ya kulle farashi. In kasuwa ta faɗi, darajarsa ma ta faɗi, rancen kuwa yana nan.

Manyan 'yan kasuwa a Afirka ta Kudu kan kulle farashi a kasuwar JSE ta Johannesburg, inda kwantiragin farar masara ɗaya tan 100 ne, wato buhu 1,000 masu kilo 100. Ya fi ƙarfin mai buhu 200, kuma da kuɗin rand ake yi. Farashin can yana bin damina ce ta can, yana iya hawa ranar da na Techiman ke sauka, mutum ya yi asara biyu. Ga ɗan kasuwar Nima ko Maamobi, garkuwar da ta fi kusa ita ce mai saye sananne, rubutacciyar takarda, da kuɗi a hannu kafin sabuwar masara ta iso.