HOTON KAKA: YADDA AKE GYARA SHI BA TARE DA AN SAUYA MATA KAMA BA

A gidaje da yawa, abin da ya rage na kamannin kaka ko kakan da ya riga mu gidan gaskiya bai wuce ɗan hoto guda ba, shi ma ya koɗe, ya sha karce. Namu gidan ma haka yake. Hoton Kakarmu guda ɗaya ne tak, wanda aka ɗauke ta a wani shagon hoto a Kafanchan a 1981, faɗinsa inci 3 da rabi, tsawonsa inci 5. Da za a yi sujadar godiya ta cika shekara goma da rasuwarta, sai dangi suka ce a gyara shi, a ƙara masa girma, kowane gida ya samu nasa.

Wani ƙanenmu ya kai shi shagon kwamfuta, bayan kwana biyu ya komo da hoto sumul, yana ta ƙyalli. Da Goggo, babbar 'yar marigayiya, ta riƙe shi, ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta ce, "Wannan kuma uwar wa ce? Ina tsagar Inna?" Ashe mai shagon ya ɗauki tsaga uku-uku da ke kumatun Kaka a matsayin karce, ya shafe su duka. Garin gyaran gira, an rasa ido. Dalilin da ya sa muka zauna muka sake aikin da kanmu ke nan, kuma abin da muka koya shi muke so mu bayyana wa masu karatu.

ƊAUKA DA SIKANA

Rabin gyara tun wurin ɗaukar hoton da sikana ake yin sa, domin abin da na'urar ba ta ɗauko ba, babu gwanin da zai fito da shi daga baya. Kwafin da aka turo ta WhatsApp bai dace da wannan aiki ba, saboda an matse shi, ƙananan abubuwa sun narke. Sai a koma ga ainihin takardar.

A kakkaɓe ƙura da burushi mai taushi, a goge gilashin sikana. Kada a sa wa hoton ruwa ko yawu. In kuwa ya manne da gilashin firam, kada a ɓamɓare shi, gama fuskar za ta bi gilashin. A ɗauke shi tare da gilashin nasa.

A allon sikana mun zaɓi `600 dpi`, wato ɗigo 600 a kowane inci. Lissafin mai sauƙi ne. Hoto mai inci 3 da rabi da inci 5 zai ba da ɗigo 2100 da 3000. Masu wanke hoto kuwa ɗigo 300 suke bukata a kowane inci domin ya fito tsaf, saboda haka za a iya buga shi har inci 7 da 10, wato ninki biyu. Sa'an nan mun zaɓi `48-bit color`, muka kashe duk wani gyaran da na'urar ke yi da kanta, muka ajiye shi a matsayin `TIFF`. Nauyinsa ya kai wajen megabayit 38. Dalilin guje wa `JPEG` a wannan mataki shi ne, duk lokacin da aka sake ajiye shi yakan zubar da wani abu. Wannan fayil na fari shi ne uwa. Ba a taɓa shi. Kwafinsa ake yi wa aiki.

ME YA SA HOTON YA YI JA?

Hoton Kaka ya rine ya yi ja-ja-ja, kamar an tsoma shi cikin ruwan zoɓo. Ga dalili. Takardar hoto mai launi tana da rini hawa uku, ɗaya bisa ɗaya: rawaya a ƙasa, ja mai ruwan hoda a tsakiya, shuɗi mai ruwan kore a sama. A hotunan wancan zamani da aka ajiye cikin akwati ko albam, shuɗin nan ne ya fi saurin mutuwa, zafi da laima kuma suna gaggauta shi. In ya ragu, sai sauran biyun su rinjaya, hoto ya koma ja.

Mun yi aiki da GIMP, manhajar da ake samu kyauta. A buɗe `Colors > Levels`. Za a ga wani zane mai kama da tudu, wanda ke nuna yadda duhu da haske suka rabu cikin hoton: duhu a hagu, haske a dama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gyara launukan gaba ɗaya. Sai dai a bi su ɗaya-ɗaya a wurin da aka rubuta `Channel`.

Da muka zaɓi `Red`, sai muka ga tudun ya gudu dama, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filin hagu fayau, ba kome. Wannan shi ne shaidar mutuwar shuɗin. Muka jawo ɗan baƙin alama na hagu har gindin tudun, nan take jan ya sauka, baƙin gashin da ya leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali ya koma baƙi. Muka yi wa `Green` da `Blue` haka, amma su kaɗan suka bukata. Ƙa'idar ita ce a tsaya daidai inda tudu ya fara. In aka wuce ciki, ninkin zane zai toshe ya zama baƙi ƙirin, farin mayafi kuma ya ƙone, saƙarsa ta ɓace.

Na'ura ba ta san launin kayan Kaka ba, amma Goggo ta sani. Ita ta faɗa mana cewa zanen shuɗi ne mai duhu, mayafin kuma ba fari fat ba ne, ruwan madara ne. Da mun tilasta masa zama fari, da dukan hoton ya karkata ya yi shuɗi-shuɗi. Haka nan fata: Kaka baƙa ce, kuma ba mu ja alamar tsakiya don mu haskaka ta ba. Mai shagon nan ya yi haka, har ta koma kamar mai shafe-shafe.

RABA KARCE DA TSAGA

Nan ne aikin yake. Kafin a shafe kowane layi a fuska, sai a tabbatar ko na takarda ne ko na mutum. Hanyoyi uku muka bi.

Ta farko, a ɗauki ainihin hoton a shiga ɗaki mai duhu, a haska shi da tocila daga gefe, hasken yana kwance bisa takardar. Karce rami ne, zai yi inuwa ko ƙyalli. Abin da yake cikin hoton tun asali ba zai nuna kome ba, takardar sumul take a wurin.

Ta biyu, a dubi launinsa. Tun da rini hawa-hawa ne, karcen da ya ɗebe hawan sama kaɗai yakan fito ja, wanda ya ƙara nitsewa ya fito rawaya, wanda ya kai ƙasa kuma fari. Tsagar Kaka kuwa launin fatarta ce, ta ɗan fi duhu kawai.

Ta uku, a bi hanyarsa. Karce bai san iyaka ba. Babban da ke hotonmu ya taso daga labulen baya, ya ratsa ɗankwali da gefen idon hagu, ya sauka kafaɗa, bakinsa kuma da kaifi. Tsaga tana bin lanƙwasar kunci, tana nan dama da hagu, kuma laushinta daidai yake da na sauran fuskar.

Da muka tantance, sai muka buɗe sabon falle marar launi ta `Layer > New Layer`, domin duk gyaran ya zauna a kansa, hoton na ƙasa ya tsira. Muka ɗauki `Heal`, muka kunna `Sample merged`. Yadda yake aiki: a danne `Ctrl` a taɓa wuri mai lafiya kusa da karcen, sa'an nan a riƙa ɗiga wa karcen kaɗan-kaɗan da burushin da ya ɗan fi shi faɗi. Shi wannan yakan ɗauko saƙar wurin, ya daidaita haskenta da kewaye, don haka ya dace da labule da goshi. Amma a bakin iyaka, inda ɗankwali ya haɗu da fata, yakan jawo launin wannan ya shafa wa wancan, ya bar dabbare. A irin wurin `Clone` ya fi, domin shi kwafi yake yi tsantsa. A riƙa sauya wurin ɗebowa. In ba haka ba, za a ga tabo iri ɗaya yana maimaituwa a jere, alamar da ke tona asirin gyara.

Akwai `Filters > Enhance > Despeckle` mai share ƙananan ɗige-ɗige a tashi ɗaya. Mun yi amfani da shi a labulen baya kaɗai. In aka sake shi a fuska, bai san bambancin ƙura da ƙyallin ƙwayar ido ba, kuma fata takan koma kamar roba.

INDA MUKA TSAYA

Karcen ya cinye wutsiyar idon hagu. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a kwafi idon dama, a juya shi, a ɗora. Mun gwada, muka kira Goggo. Ta ce, "A'a, 'ya'yana. Idon Inna na hagu ya ɗan fi ƙanƙanta, haka Allah ya yi ta." Gaskiyarta, gama babu fuskar da ɓangarorinta biyu suke daidai, hasken shagon ma ta gefe guda ya zo. Muka cire shi. Muka rufe farin karcen da fatar da ke kusa, muka haɗa layin fatar ido daga inda ya yanke zuwa inda ya ci gaba, muka bar wurin da ɗan dishi-dishi. Gara ɗan tabo a fuskar Kaka da fuska mai kyau ta baƙuwa.

Aikin ya ci mana maraice uku. Muka ajiye shi da fallayensa a matsayin `XCF`, muka fitar da na bugawa ta `File > Export As`. Kafin a buga da yawa, mun sa an wanke ƙarami guda don gwaji, domin allo yakan nuna hoto da haske fiye da takarda. Ainihin hoton kuma ba mu yarda a manne shi cikin leda da na'ura mai zafi ba, gama wannan ba ya warwaruwa. Yana cikin ambulan a wuri mai sanyi marar laima, fayil na uwa kuwa yana hannun mutum uku a garuruwa dabam-dabam.

Ranar taro Goggo ta karɓi nata, ta bi tsagar da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Yauwa, ga Inna." Saboda haka duk mai niyyar gyara irin wannan hoto, muna ba shi shawara ya fara neman dattijon da ya san mamacin ido da ido, ya zaunar da shi kusa da kwamfuta, tun ana da sauran irinsu a gida.