Kafin Ka Kai Shanshera Sikelin Ƙungiya

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, cinikin shanshera ya sauya kama a wannan yanki. Ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, kuma manyan injinan casa irin waɗannan da sikeli da na'ura suke saye, ba da kallon ido ko cika kwano ba. Ƙungiyar da ke tara shinkafar manoman Gwandu da Kalgo don ta sayar gaba, dole ta auna kaya a ƙofarta da irin awon da za a yi mata a ƙofar kamfani. In ta karɓi jiƙaƙƙen buhu don kunyar mai shi, mota guda za a iya juyo mata da ita, asarar ta hau kan kowa, har da wanda ya kawo busasshiya.

Abu na farko da ake dubawa shi ne ɗanshi, kuma lambar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce 14. Ma'anarta, a kowane kilo 100 na shanshera kada ruwan da ke cikin ƙwaya ya wuce kilo 14. Shinkafar da aka yanke a kan kari tana ɗauke da kashi 20 zuwa 25, don haka ranar da aka buge ta da sauran aiki. In aka ɗinke ta a buhu a haka, ƙwayar tana ci gaba da numfashi, tsakiyar buhu ya ɗauki zafi, fumfuna ta kama, farar ƙwaya ta koma rawaya. Wannan rawayar ba ta fita, ko an sake shanya ta mako guda.

Yadda ake awon ba asiri ba ne. Ma'auni yana soka ƙarfen ɗibar samfur a sama da tsakiya da gindin buhuna daban-daban, ya gauraya abin da ya ɗebo, ya zuba kaɗan a na'urar auna ɗanshi. Ya kamata a maimaita sau uku a ɗauki matsakaici, kuma mai kaya yana tsaye yana ganin lambar da idonsa. Akwai wani abu da ke yawan jawo gardama a nan. Shinkafar da aka kwashe daga shanya da zafinta takan nuna kamar ta bushe, domin bayanta ne ya sha rana, cikinta da saura. In ta kwana a buhu, ruwan ciki ya fito ya daidaita, sai lambar ta hau. Shi ya sa mutum zai rantse cewa jiya da la'asar ta bushe ƙarau, yau kuma na'ura ta ce 16, alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Maganinsa shi ne a bar ta ta huce a inuwa, ta kwana, sannan a gwada kafin a ɗinke.

Wanda ba shi da na'ura a gida yana da haƙori. Busasshiyar ƙwaya tana karyewa ƙas, mai ɗanshi kuwa tana lotsewa ta bar gari mai laushi. Ana kuma iya zuba tafin shinkafa da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a ɗan jira. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Waɗannan gwaje-gwaje suna raba jiƙaƙƙiya da busasshiya, amma ba sa raba 14 da 15, kuma a sikeli wannan tazarar kuɗi ce.

Bari mu bi lissafin da misali, don a nan ne manomi ya fi jin an ƙware shi. A ce wani daga fadamar Kalgo ya kawo buhu 20, kowanne kilo 75, jimla kilo 1,500, na'ura ta nuna 19. In ƙungiya tana da wurin shanya kuma ta yarda ta karɓa a haka, za ta biya shi ne a kan nauyin da kayan zai koma bayan ya sauko 14. A cire 19 daga 100, saura 81. Wannan shi ne ainihin shinkafar da ke cikin kowane kilo 100. A cire 14 daga 100, saura 86. Sai a ninka 1,500 sau 81 a raba da 86, a samu kilo 1,413. An rage masa kilo 87, fiye da buhu guda. Ganin buhu ya tafi yana da ciwo, amma ko a ƙofar gidansa ya shanya, rana za ta ɗauke kilo 87 ɗin nan, don ruwa ne. Abin da ya kamata ya sa wa ido shi ne ko an ƙara masa ladan shanya a kai, da kuma nawa ne, domin wannan kuɗin ne zai iya tsira da shi in ya yi aikin da kansa.

Kuskuren da ba a cika magana a kansa ba shi ne wuce gona da iri. Wanda aka taɓa juyo wa kaya yakan yi fushi ya bar shinkafa a rana har sai ta ƙone. In shinkafar mutumin Kalgo ta sauka 10 maimakon 14, kilo 1,350 za ta koma. Ya ba rana kilo 63 kyauta, kuma da wuya a samu mai saye da zai ƙara masa farashi don ta fi bushewa. Ban da haka, ƙwayar da ta bushe fiye da kima, in raɓar dare ko yayyafi ya taɓa ta, tana tsagewa a cikin ɓawonta ba tare da an gani ba, sai a wurin casa ta fito tsaki. Shinkafar damina da ake girbewa da shigowar hunturu ita ta fi faɗa wa wannan tarko, don iskar kanta tana zuƙe ruwa. Ta rani kuwa, musamman wadda aka makara wajen dasa ta, matsalarta akasin haka ce: girbinta yana karo da ruwan farko, rana ta yi ta wasan ɓuya, shanya ta ƙi ci.

Shanya mai kyau ba ta da wuya, naci take so. A fara ta cikin yini guda da bugu, a kan tamfol ko siminti mai tsabta, kaurinta kamar yatsu biyu, ana motsa ta kusan kowane rabin awa don ta sama da ta ƙasa su bushe tare. In rana ta take tsaka har siminti yana ƙona ƙafa, a tara a rufe na ɗan lokaci. A kwashe kafin raɓa ta sauka. Masu shanya a gefen kwalta kuma su sani, tsakuwa da yashin da suke kwasowa za a cire musu su a sikeli.

Daga ɗanshi sai daraja. A nan ana auna wani samfur, a ce kilo guda, a tankaɗe, a sheƙe, a tsince, sannan a auna abin da ya fita: ƙaiƙayi, kara, ƙasa, tsakuwa da ƙwayar da ba ta yi ido ba. Kowace ƙungiya tana da iyakar dattin da take yafewa, gwargwadon abin da mai sayenta ya gindaya mata. A ce iyakar kashi 2 ce, samfurin mutumin Kalgo kuma ya fitar da giram 40, wato kashi 4. Za a cire masa rarar kashi 2 daga kilo 1,413, kusan kilo 28, ya tashi da 1,385. Da ya ƙara sheƙa ɗaya a gida, da bai biya kuɗin mota ya ɗauko ƙaiƙayi ba. Ana kuma murza wasu ƙwayoyi a ga cikinsu: kore mai ciki fari kamar alli alamar an yanke da wuri ne, rawaya ko baƙi alamar ta yi zafi a tari. Sai gauraye. Faro 44 doguwa ce siririya. In aka haɗa ta da gajeren iri ko jar shinkafa, injin da aka saita wa tsawo ɗaya zai farfasa wata ya bar wata da ɓawo. Buhun da aka gauraya yana faɗawa daraja ta ƙasa ko da ya bushe sarai.

To in an ce ba za a karɓa ba fa? Kalmar ɗaya ce amma hukuncin iri-iri ne, kuma haƙƙin manomi ne a gaya masa wanne ya same shi. Kayan da laifinsa ɗanshi ne ko datti kaɗai, jinkiri ya samu: a shanya, a sheƙe, a dawo a sake awo daga farko kamar sabon kaya. Sai dai kada a bar shi a ɗinke ana jiran gobe. Buhun da ya nuna 19 a kwance bakinsa a baza shi a ranar. Gaurayen iri ba ya gyaruwa, amma ana iya karɓarsa a farashi na ƙasa in mai shi ya amince, in bai amince ba ya kai wa masu turara a kasuwa. Wanda ya yi fumfuna, yana warin ruɓa, ko ya sha fetur, taki ko maganin feshi, wannan ba shi da hanyar shiga sito ko kaɗan, don buhu ɗaya yana iya ɓata na kusa da shi. Kuma kada a mayar da mai fumfuna abincin gida ko na kaji. Wasu nau'o'inta suna barin dafin da dahuwa ba ta kashewa.

Kayan da aka ƙi na mai shi ne har yanzu. A ware shi gefe a kan katako, a rubuta suna da yawan buhu, a ba mai shi takarda mai ɗauke da lambar da na'ura ta nuna da dalilin ƙi. In yana shakka, ya nemi a sake ɗibar samfur a gabansa da gaban wani ɗan kwamiti, in da hali a gwada da wata na'urar, domin na'ura ma tana kuskure in batirinta ya yi sanyi ko aka saita ta a kan masara maimakon shanshera. Ni a ganina, ƙungiyar da take juya kaya da baki kawai, ba takarda, ita ke tura mambobinta hannun dillalin da ke jira a bakin hanya da rabin farashi.

Manomi ma akwai nasa. Busasshiya a bakin buhu, jiƙaƙƙiya a gindi, ko ɗan yashi don ƙarin nauyi, duk ƙarfen samfur yana tono su, kuma daga an kama buhu ɗaya, sauran buhunan ma sai an zazzage su. Ban da kunyar duniya, algus ne, hukuncinsa kuma sananne ne a addini.

Kira ga shugabannin ƙungiyoyi a Gwandu da Kalgo: ku rubuta iyakar ɗanshi, iyakar datti, ladan shanya da farashin kowace daraja, ku manna a ƙofar sito, ku sanar a taro tun shinkafa tana gona. Ku kuma buɗe ƙofa ga mai son gwaji kafin ranar awo. Kai kuma Malam manomi, ɗebo kwano guda daga buhuna daban-daban, ka ƙulle a leda, ka kai a auna maka kafin ka yi hayar mota.