Ranar da Mai Gidan Biredi Zai Ƙara Kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, masu gidajen biredi ke ta ƙarin kuɗi, domin yawancin alkamar da ake niƙa fulawa da ita daga waje ake shigo da ita. Masu shayi da masu kanti sun san da haka. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne su ji sabon farashi da asuba, daga bakin yaron da ya kawo kaya.

A ce buhun fulawa ya tashi da naira 5,000 a kasuwar Singa ta Kano, buhu ɗaya kuma yana ba da biredi 100. Ke nan kowane biredi ya ɗauki ƙarin naira 50. Sukari da bota da kuɗin mota suka ci wata 50. Da wannan lissafi a hannu, mai gidan zai je da kansa wurin manyan abokan cinikinsa tun saura mako guda, ya ce: "Malam, daga ranar Litinin biredin naira 900 zai koma 1,000. Fulawa ta tashi, sukari ma haka. Girmansa yana nan yadda ka san shi, wanda ka riga ka biya kuma a tsohon farashi zan kawo maka. A yi haƙuri."

Makon nan yana da amfani sosai ga mai shayi, saboda yanka-yanka yake sayarwa. Yana bukatar lokacin da zai sake lissafin ribarsa, ya kuma faɗa wa masu zama a bencinsa tun kafin ranar. Dalilin da aka ba shi ma wanda zai iya tabbatarwa ne idan ya tambayi ɗan'uwansa a kasuwa, ba kamar "ka san halin da ƙasa take ciki" ba, wanda kowa ke fakewa da shi.

Ban haƙuri sau ɗaya ladabi ne, kuma ya wadatar. Idan aka yi ta maimaita "don Allah ka yafe mini, wallahi ba a son raina ba", mai saye zai ɗauka ko dai akwai cuta a ciki, ko kuma maganar ba ta zauna ba. Nan take zai ce a bar masa a 950. Aka rage wa mutum ɗaya, kafin azahar labari ya zaga, sauran su ji an raina su.

Wasu don gudun wannan magana sukan rage ƙullin a ɓoye, su bar farashi yadda yake. A ganina wannan ya fi ƙarin kuɗi ɓarna, domin mai shayi zai gane tun ranar farko, da zarar biredin da yake cire yanka shida ya ba shi biyar. Idan dole ne a samar wa masu ƙaramin ƙarfi mafita, gara a fito da ƙaramin biredi daban, a faɗi kuɗinsa a fili.