Takardar Malam Zuwa Ga Uban Almajiri A Ƙasar Karfi

A Karfi da ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, inda auduga da masara da dawa suke riƙe da gidaje, al'ada ce idan uba ya danƙa ɗansa ga malamin allo na wani gari, ba ya yawan bibiya, musamman in ɗan fari ne, saboda alkunya. Don haka nauyin ba da labari yakan koma kan malam, wanda zai ɗauki alƙalamin kara da tawada ya rubuta takarda da ajami, ya ba wani ɗan kasuwa ko direba amintacce ya kai.

Takan fara da Bismilla da salati, sannan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali da amfanin gona, kafin a ce "bayan haka". Malam ba shi da rajista, ba ya kuma ƙirga kwanaki. Ma'auninsa shi ne wankin allo, domin yaron da ke zama safe da yamma, ya kwana a gindin wutar kara yana bita, ban da Alhamis da Jumma'a da ake hutu, ba zai daɗe bai biya ya wanke ba, alhali wanda ke fashi tawadarsa takan dushe a kan allo tun bai iya abin da aka rubuta masa ba.

Ga misalin abin da akan rubuta: "Ɗanka ya wuce izu uku, yanzu yana cikin Tabara, harshensa kuma ya faɗa. Sai dai tun da kuka kira shi tsinkar auduga ya shafe kaka a gida, tilawarsa ta yi rauni, har yana sarƙe ayoyin Mursalati, yana fita daga wata sura ya faɗa wata. Na tsayar da shi, ba zan ƙara masa ba sai tilawarsa ta zauna."

A nan gwanintar malami take, a ganina, domin uba abin da yake so ya ji shi ne yawan izu cikin sittin ɗin nan, amma malamin ƙwarai yakan raba masa sabon karatu da tsohon da ya zauna a ƙirji, ko da hakan zai jinkirta ranar sauka da zayyanar allo. Alamar haddar da ba ta nuna ba sananniya ce: yaro zai zuba sura kamar ruwa daga farko, amma in aka ɗauko masa aya daga tsakiya sai ya yi shiru.

Daga ƙarshe malam yakan roƙi kada a riƙe yaro bayan Salla, ya nemi a haɗa shi da addu'a, ya rufe da "haza wassalam". Uban da ya san ya kamata yakan mayar da amsa tare da damin dawa.