Muryar kamfani: tsakanin harshen ofis da hirar majalisa

A ce mai shagon atamfa a Kantin Kwari yana da yara uku masu amsa saƙon WhatsApp. Ya ja musu kunne su riƙa mutunta masu saye. Na farko ya rubuta kamar takardar kotu, na biyu ya cika saƙo da raha, na uku kuwa "eh" da "babu" kawai. Kowannensu a ganinsa ya bi umarni, domin kalmar "mutunci" ba ta da awo.

Maganin wannan shi ne ma'auni. A shekarar 2016 kamfanin Nielsen Norman Group ya fitar da ma'aunai huɗu na salon magana, ciki har da wanda ya tashi daga maganar ofis zuwa ta sabo. Ana jan layi, a raba shi, misali gida biyar: 1 harshen ofis, 5 hirar majalisa. Amma lamba kaɗai ba ta koyar da kowa, sai an ɗauki saƙo ɗaya an rubuta shi a matakai daban-daban.

Ga labarin isowar kaya. A mataki na 1: "Muna sanar da ku cewa kayanku sun iso. Ana iya karɓa daga ƙarfe tara na safe." A na 3: "Salamu alaikum Hajiya, kayanki sun iso. Yaushe za a kawo miki?" A na 5: "Hajjaju, kaya fa sun sauka! Sai kin zo."

Labarin bai canza ba. Abin da ya motsa shi ne "ku" ya koma "ki", Hajiya ta zama Hajjaju, jimla ta gajarce. Waɗannan ne za a rubuta wa yaran shago a matsayin ƙa'ida. Akwai kuma tarko: "ka" da "ki" suna bukatar ka san wanda ke bayan lambar. Idan ba ka sani ba, "ku" ta fi tsira.

Daga nan mai shago ya zaɓi mazauninsa, a ce 3, da iyaka daga 2 zuwa 4. Tallan Sallah ya hau 4. Ranar da aka aika wa mace atamfar da ba ita ta zaɓa ba, a sauko 2: "Ki yi haƙuri Hajiya, kuskurenmu ne. Gobe za a canza miki." Raha ga wanda ransa ya ɓaci kamar gishiri ce a kan gyambo.

Gwajin mai sauƙi ne. A ba yaran nan uku ƙorafi ɗaya, kowa ya amsa shi kaɗai, a karanta amsoshin a bayyane. In har mai shago ya iya gane wane ne ya rubuta wanne, to misalan ba su isa ba, sai a ƙara.